Saƙon Murnar Ranar Haihuwa Ga Wadda Ba Ku Daɗe Da Fara Soyayya Ba: Tambayoyi Da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da samari da 'yan mata a Jos suke yawan maimaitawa idan ranar haihuwar wanda suke so ta ƙarato, alhali soyayyar ba ta wuce 'yan watanni ba. Yawancin amsoshin da namiji muke magana, domin shi ya fi yawan zarce gona da iri a rubutu, amma ma'aunin ɗaya ne ga kowa. Tambaya ta 10 ta mata ce kai tsaye.

1. Me ake nufi idan aka ce saƙo ya yi nauyi?

Ba daɗin kalamai ne ke sa saƙo nauyi ba. Saƙo yana iya cika da yabo da taushin harshe, mai karɓa ta karanta ta ji daɗi, ta amsa ba tare da ta tsaya tunani ba. Nauyi yana shigowa ne lokacin da rubutun ya faɗi abin da ya wuce inda ku biyu kuka tsaya a zahiri: ya kira ta da matsayin da ba a ba ka ba, ya yi alƙawarin da ba a taɓa zama aka tattauna ba, ko ya nemi amsar da ba ta shirya bayarwa ba.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: shin akwai wani abu a cikin saƙon nan da yau ne za ta fara jin sa daga gare ni? Idan akwai, to ga inda nauyin yake. Ranar haihuwa tata ce, ranar da ya kamata ta karɓi fatan alheri ta ce ta gode. Idan ka cusa sabon zance mai girma a ciki, ka mai da ranar ta koma ranar yanke shawara a kanka, kuma ka yi hakan a lokacin da kunya ba za ta bar ta ta ce maka ka dakata ba.

2. Wata nawa ya kamata a yi kafin a rubuta kalamai masu zurfi?

Ƙidayar wata ba ta da amfani sosai a nan. Akwai waɗanda a wata na uku an riga an kai gaisuwar iyaye, magabata sun san juna, ana maganar sa rana. Akwai kuma waɗanda sun yi wata takwas suna hira a waya kullum, amma ko ƙofar gidansu saurayin bai taɓa tsayawa ba. Na farko yana da damar rubuta abin da na biyu ba shi da ita, duk da cewa na biyu ya fi shi daɗewa.

Abin da ake dubawa shi ne matakin da aka taka. Matakin farko, kuna gaisawa a waya ko a makaranta ko a wurin aiki, babu wanda ya sani a gida. Na biyu, kana zuwa zance, mahaifiyarta ko yayarta sun san da kai. Na uku, an ba ka izinin nema, ko an ce ka turo. Na huɗu, manya sun shiga, an kai kuɗin gaisuwa ko an yi baiko. A gidajen Kirista, mai kama da na uku da na huɗu shi ne gabatar da kai ga iyaye da sanar da fasto ko dattawan coci. A mataki na ɗaya da na biyu, saƙonka ya tsaya kan yabo da addu'a da abin da kuka riga kuka faɗa wa juna. Maganar aure a rubuce ta fara dacewa ne daga na uku, kuma ko a nan ma da “in Allah ya yarda” ake yin ta, domin ba kai kaɗai ke da ta cewa ba.

3. Na riga na rubuta. Yaya zan auna shi kafin in tura?

Kada ka rubuta shi kai tsaye a akwatin hirarku, domin yatsa yana saurin taɓa alamar turawa. Rubuta shi a wani wuri daban, a wayar ko a takarda, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Sannan ka raba shi jimla-jimla, kowace a layinta, ka tambayi kowace jimla aikin da take yi. Za ka tarar ba su wuce iri biyar ba: taya murna, yabo, addu'a, bayyana abin da ke zuciyarka, da kuma alƙawari ko buƙata. Iri ukun farko ba su cika kawo matsala ba, sai dai a duba tambaya ta 7 game da addu'ar da ke ɗauke da wata manufa. Biyun ƙarshe su ne za ka tsaya a kansu.

Duk jimlar da ta faɗa cikin biyun nan, sai ka yi mata tambaya uku. Ta farko: na taɓa faɗin wannan da bakina a gabanta, kuma ta karɓa da sakin fuska? Ta biyu: za ta iya amsa wannan jimla da “na gode, Allah ya bar zumunci” ba tare da amsar ta zama kamar ƙi ba? Ta uku: idan ƙanwarta ce ke riƙe da wayar lokacin da saƙon ya shigo, ko ta karanta wa ƙawarta, zan ji kunya ko ita za ta ji? Jimlar da ta faɗi ko da ɗaya daga cikin ukun nan, cire ta. Kada ka yi ƙoƙarin sassauta ta da ƙarin kalmomi, domin “ban sani ba ko ya dace in faɗa, amma…” ba ya rage komai, sai ma ya ƙara mata aikin lallashinka.

Akwai awo na ƙarshe mai sauƙi. Ƙirga sau nawa “ni”, “na”, “zuciyata”, “rayuwata” suka fito, ka kwatanta da sau nawa aka yi magana a kanta ita. Idan naka ya rinjaya, to saƙon ya tashi daga taya ta murna ya koma labarin halin da kake ciki. Bayan haka ka bar shi ya kwana, ka sake karantawa da safe da ƙarfi, kamar kana tsaye a zaure tana saurare. Abin da harshenka ya yi nauyin furtawa, shi ma ya fita.

4. Za a iya nuna wannan da misali?

A ɗauka saurayi ne mai shago a Terminus, budurwar kuma ɗaliba ce a Jami'ar Jos da ke zaune da iyayenta a Gangare. Watansu huɗu. Yana zuwa zance ranar Asabar bayan la'asar, mahaifiyarta ta san shi, mahaifinta bai sani ba tukuna. Ya taɓa ce mata yana sonta, ta yi murmushi ta ce ta gode, amma ita ba ta taɓa furta masa ba. Wannan mataki na biyu ke nan a bayanin tambaya ta 2. Ga abin da ya rubuta: “Barka da zagayowar ranar haihuwarki, matata ta gobe. Tun ranar da na gan ki rayuwata ta canza. Ke ce numfashina, idan babu ke babu ni. Ina son natsuwarki da yadda kike girmama mutane. Na yi alƙawari ba zan taɓa kallon wata mace ba har in mutu. Allah ya sa baɗi war haka kina ɗakina. Ki faɗa mini kina sona kamar yadda nake sonki.”

Jimla bakwai ne, kuma guda ɗaya ce kaɗai ta tsira lafiya, wato ta huɗu, mai yabon natsuwarta. Ta farko taya murna ce mai kyau, amma “matata ta gobe” ya ba shi matsayin da mahaifinta ma bai san ana nema ba. Ta biyu ba laifi ba ce, sai dai labarinsa ne, ba nata ba. Ta uku ita ce mafi nauyi duka: ta ɗora mata alhakin rayuwar mutum a wata na huɗu, kuma duk mai hankali da ta karanta za ta fara tunanin yadda zai yi idan wata rana ta ce ba ta yi. Ta biyar alƙawari ne da ba wanda ya nema, kuma girmansa ne ke sa a ƙi gaskata shi. Ta shida ta yanke ranar aure a cikin rigar addu'a. Ta bakwai buƙata ce ƙarara, tana neman kalmar da yarinyar ta riƙe da gangan har wata huɗu.

Duba abin da ya rage mata idan wannan ya shigo wayarta. Ko dai ta faɗi abin da ba ta shirya ba don kada ta ba shi kunya, ko ta amsa da “na gode” wanda zai karanta a matsayin sanyi, ko ta yi shiru. Duk ukun babu mai daɗi, kuma shi ne ya tsara mata su da hannunsa.

5. To yaya saƙon da ya dace da wannan misali zai kasance?

Zai iya zama haka: “Ranki ya daɗe, barka da zagayowar ranar haihuwarki. Allah ya ƙaro shekaru masu albarka, ya ba ki lafiya, ya sa ki gama karatunki da sakamakon da kike fata. A watannin nan da na san ki na ga natsuwa da girmama mutane, har yadda kike tashi ki gaida tsofaffin layinku idan sun zo wucewa muna zance. Ina farin ciki da na san ki. Sai na zo ranar Asabar, in Allah ya kai mu. A gaida Mama.”

Wannan ba saƙon sanyi ba ne. Akwai so a cikinsa, kuma ita za ta gane, domin ba kowa ne ya lura da yadda take gaida tsofaffi ba, sai wanda idonsa ke kanta. Abu guda da ka gani da idonka ya fi jimla goma da za a iya tura wa kowace mace a garin. Alƙawarin da ke ciki ƙarami ne, zuwa ranar Asabar, kuma zai iya cika shi. “A gaida Mama” kuwa yana gaya mata cewa yana ɗaukar kansa mai shigowa ta ƙofa. Duk jimlar da ke ciki za ta iya amsa ta da godiya ba tare da ta ji an matsa mata ba, kuma idan tana so ta ƙara wani abu daga zuciyarta, an bar mata fili.

6. Ban taɓa ce mata ina sonta ba. Ranar haihuwarta ba ita ce dama mafi kyau ba?

A'a. Mun san abin da ke jan mutum zuwa ga wannan: rubutu yana rage fargaba, ranar kuma tana ba da hujja. Amma a ranar wayarta cike take da saƙonnin 'yan uwa da ƙawaye, tana amsawa a gurguje, wataƙila ga baƙi a gida. Magana mai girma irin wannan za ta faɗa tsakiyar hayaniya, kuma ba za ka ga fuskarta ba lokacin da take karantawa, alhali labarin zuciya fuska ake tambaya. Ka faɗa mata kafin ranar da mako ɗaya ko biyu, ko ka bari sai bayanta, a zaune, inda za ta iya yin shiru ko ta sunkuyar da kai ka fahimci ma'anarsa. Idan ka riga ka faɗa ta kuma mayar maka, to sa shi sau ɗaya a ƙarshen saƙon ba laifi. Idan ka faɗa ba ta mayar ba, kamar a misalin tambaya ta 4, kada ka maimaita a rubuce da fatan yau za ta amsa.

7. Addu'a ma tana iya yin nauyi?

Ƙwarai kuwa, kuma nan ne mutanenmu suka fi faɗawa ba tare da sun lura ba, domin muna ganin addu'a ba ta da laifi. Matsalar ita ce addu'a tana neman “amin”, kuma ba a ƙin cewa amin. Idan ka rubuta “Allah ya sa ke ce uwar 'ya'yana”, ka sa ta a tsaka mai wuya: ta ce amin, ta amince da aure a rubuce, ta tsallake, ka lura. Wannan tambaya ce aka yi mata, amma an toshe mata hanyar cewa a'a.

Raba addu'a gida biyu. Akwai wadda amfaninta nata ne ko da kai ko babu kai: lafiya, tsawon rai mai albarka, nasara a jarrabawa, buɗi a sana'a, Allah ya ja da ran iyaye. Wannan ka yi ta yadda kake so, a kowane mataki. Akwai kuma wadda kai ne a tsakiyarta. Idan lallai kana so ka taɓo gaba, tsaya a kan irin “Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri” ko “Allah ya bar mu tare cikin alheri”, waɗanda za ta iya cewa amin da zuciya ɗaya, domin ba su yanke komai ba.

8. Wane suna zan kira ta da shi a saƙon?

Wanda ka saba kiranta da shi, wanda kuma take amsawa. Idan kullum “Hajiya” ko “Malama” ko “ranki ya daɗe” kake cewa, kada ranar haihuwa ta zama ranar da za ka tsallaka zuwa “amaryata”. Sunaye irin su “gimbiya” ko “tauraruwa” yabo ne, ba su ƙulla komai ba. “Masoyiyata” da “abar ƙaunata” suna buƙatar a ce an riga an yi maganar so an amsa. “Amaryata”, “matata”, “uwargida” da “uwar 'ya'yana” kuwa na bayan shigar manya ne, yin amfani da su kafin nan riga malam masallaci ne. Wasu suna fakewa da cewa wasa ne, amma a rubuce ba a jin muryar wasa, kuma rubutu yana zama a waya har wani ya gani.

9. Tsawon saƙo da lokacin turawa suna da tasiri?

Suna da shi, wani lokaci ma fiye da kalmomin. Buɗe hirarku ka duba tsawon saƙonnin da ita take turo maka. Idan layi biyu ko uku ta saba, saƙon ranar haihuwa zai iya ninka hakan sau biyu ko uku, domin rana ce ta musamman. Amma idan sai ta ja allo sama sau biyu kafin ta kai ƙarshe, ko WhatsApp ya yanke shi ya sa mata “Read more”, to ya yi yawa ko da kowace jimla ta tsallake awon tambaya ta 3. Jimla biyar zuwa bakwai sun isa. Dogon saƙo yana sa mai karɓa ta ji dole ta biya da irinsa.

Turawa da ƙarfe 12 na dare daidai yana cewa ka zauna jiran agogo dominta. Idan kun saba hira har wannan lokacin, ba komai. Idan kuwa hirarku takan ƙare bayan isha'i, ko tana kwana ɗaki ɗaya da ƙannenta, ko gidansu ana karɓe waya da dare, to saƙon tsakar dare, balle kira, zai iya jawo mata tambayoyin da ba ta shirya amsawa ba. Da safe tsakanin ƙarfe 7 da 9 ya wadatar, yana nuna da ita ka tashi a rai. Ka tura sau ɗaya. Saƙo da dare, wani da asuba, kira da hantsi, waƙa da rana, ko da kowanne mai sauƙi ne, taruwarsu nauyi ce.

Saƙon murya ya fi rubutu kusanci, kuma ba a gyara shi bayan an tura. Ana iya kunna shi bisa kuskure a gaban mutane. Idan za ka yi, kada ya wuce daƙiƙa 30 zuwa 40, kuma ya zama abin da ba za ka damu ba idan yayarta ta ji.

10. Ni mace ce, saurayina ne ke da ranar. Ma'aunin ya bambanta?

Tambayoyi ukun da ke amsa ta 3 suna nan yadda suke, amma akwai abu biyu da suka fi shafar ki. Na farko, saƙonki yana iya fita daga wayarsa. Ba kowane saurayi ne ke nuna wa abokai ba, amma a wata na uku ko na huɗu ba ki gama sanin wane iri ne naki ba, kuma a unguwannin da kowa ya san kowa, irin su Anguwan Rogo ko Rikkos, magana ba ta daɗewa ba ta zaga ba. Rubuta abin da ko an karanta shi a majalisa ba zai rage miki daraja ba.

Na biyu, idan bai taɓa maganar turo manya ba, kada saƙonki ya zama wurin tuna masa. “Allah ya nuna mana ranarmu” daga gare ki zai iya sa mai niyyar kirki ya ji an tura shi, mai wasa kuma ya gane kin riga kin zurfafa, ya ƙara samun abin riƙewa. Tambayar inda aka dosa haƙƙinki ce, kuma ya kamata ki yi ta, amma a zaune, ido da ido, a wata rana daban. A saƙon, kira shi yadda kika saba, ko “Yallaɓai” ne ko “Malam”, ki yi masa addu'ar buɗi da lafiya, ki ambaci hali guda nasa da kika yaba, kamar cika alƙawarin lokaci ko kula da mahaifiyarsa. Kunya ba ta hana saƙo daɗi.

11. Zan iya sa hotonta a Status in rubuta saƙon a ƙasa?

Kada ka yi sai ka tambaye ta, kuma a matakin farko da na biyu gara ma ka bar shi. Saƙon da ka tura mata tsakaninku ne. Wanda ka sa a Status sanarwa ce ga duk wanda ke da lambarka kai ma kake da tasa, har tsawon awa 24, kuma cikinsu ana iya samun ɗan unguwarsu, ko abokin yayanta, ko wanda zai ɗauki hoton allo ya tura gaba. Kalmomin da ba su da nauyi a ɓoye suna yin nauyi a bainar jama'a, domin sun zama iƙirarin cewa taka ce. Mummunan abu ne mahaifi ya fara jin labarinka daga bakin wani kafin ka gabatar da kanka.

Zaɓin “Only share with...” yana rage masu gani, amma ba ya hana ɗaukar hoton allo. Idan ta yarda da kanta, taƙaita rubutun ya zama taya murna da addu'a kawai, ka ajiye sauran a saƙon da ke tsakaninku. Facebook da Instagram kuwa sun fi haka faɗi, abin da aka wallafa a shafi yana zama har sai an goge.

12. Idan gidansu ba sa murnar ranar haihuwa fa?

Wannan abu ne da ya kamata ka sani tun kafin ka fara rubutu. Malamai sun saɓa a kan bikin ranar haihuwa, akwai gidaje da yawa a Jos da ba sa yi sam, akwai masu tsayawa kan addu'a, akwai masu yanka kek da ɗaukar hoto. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambaye ta makonni kafin lokacin, cikin hira, yadda take yi da ranar. Idan ta ce ba ta yi, ka girmama hakan: addu'a gajeriya ba tare da ado ba, ko ma ka bar shi gaba ɗaya idan haka ta fi so. Ka kuma tabbatar da ranar daga bakinta. Kwanan watan da ke kan takardun makaranta ko Facebook ba kullum ne na gaskiya ba. Kuma idan ba ita ta gaya maka ba, ka tono shi ne daga katinta ko wajen ƙawarta, to sanin kansa zai iya ba ta tsoro kafin ma ta karanta saƙon.

13. Kyautar da zan haɗa da ita tana canza nauyin saƙon?

Tare ake karanta su. Saƙo mai sauƙi da aka haɗa da sabuwar waya mai tsada ya zama mai nauyi, domin dole ta yi bayanin wayar a gida, kuma toshi mai yawa tun ba a san ka ba yana sa iyaye masu kula su ce a mayar. Zobe, da akwati mai atamfofi da leshi, suna kama da kayan baiko da lefe, don haka a bar su sai lokacinsu. Turare, littafi, mayafi, agogo mai sauƙin kuɗi, ko rigar sanyi idan ranar ta faɗo a Disamba ko Janairu lokacin da hunturun Jos ke kaɗawa, duk suna tafiya da saƙon wata uku zuwa shida. Awon shi ne ta iya shiga da kyautar cikin gida ta nuna wa mahaifiyarta ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Idan kuɗi za ka tura, kada ka rubuta kalaman soyayya a wurin bayanin turawar, domin yana fitowa a saƙon banki kuma yana zama a tarihin asusunta.

14. Na riga na tura, yanzu ina jin ya yi yawa. Yaya zan gane, kuma me zan yi?

Kada ka yanke hukunci daga jinkirin amsa a ranar kanta, domin tana da hidima, kuma wasu suna kashe alamar karantawa. Ka duba kwana biyu zuwa uku da suka biyo baya. Alamun da ke nuna saƙon ya yi mata nauyi su ne: ta amsa ɓangaren addu'a ta tsallake ɓangaren so, ta koma kiranka da sunan girmamawa bayan ta saba sakewa, amsoshinta sun gajarce fiye da da, ko ta fara ba da uzuri a ranar zance. Ɗaya kaɗai ba hujja ba ce, musamman ta farko, domin kunya ma tana sa haka. Biyu ko uku tare, to saƙon ne.

WhatsApp yana ba da damar gyara rubutu cikin minti 15 da turawa, amma zai nuna “Edited”. “Delete for everyone” yana aiki har wajen kwana biyu, sai dai yana barin alamar cewa an goge wani abu, kuma mai yiwuwa ta riga ta gani a saman allo. Idan ba ta buɗe ba kuma mintuna kaɗan ne da turawa, gyara ya fi gogewa. Idan ta karanta, bar shi. Gogewa a lokacin yana haifar da tambaya ta biyu a kan ta farko.

Abin da ya fi ɓata lamari shi ne saƙonnin da ke biyo baya: “kin gani?”, “ko na yi laifi ne?”, da dogon ban haƙuri wanda ya fi na farkon tsawo. Kada ka tura ko ɗaya. Washegari ka gaishe ta yadda ka saba, ka tambayi yadda hidima ta ƙare. Idan kun haɗu kuma ka ga har yanzu tana ɗari-ɗari, faɗa mata sau ɗaya, a taƙaice: “Saƙon da na turo ranar nan na zarce, ba ina nufin in matsa miki ba ne, ki ɗauki lokacinki.” Kada ka ce wasa kake yi, domin hakan yana mai da kai maƙaryaci, ko a jiya ko a yau. Daga nan ka canza zance, ka ci gaba da zuwa a ranar da ka saba da lokacin da ka saba, ka bar maganar har sai ita ta ɗauko ta. Idan makonni biyu ko uku suka wuce ba ta dawo yadda take ba, to ka tambaye ta kai tsaye ko tana so a ci gaba, kuma ka shirya karɓar amsar da za ta bayar.